Sun lissafa duk kuɗin da ya shiga asusuna a matsayin riba: wa ya taɓa rubuta wasiƙar ƙorafi?

Mai Kayan Gini:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya takardar ƙiyasin haraji ta iso ni, tun ranar ban yi barcin kirki ba. An rubuta wai na samu 9,600,000 a bara. Da na ciro bayanan asusuna daga banki sai na ga daidai wannan adadin ne jimillar duk abin da ya shiga asusun cikin shekarar, ko ɗaya bai ragu ba. A ciki akwai rancen banki na 1,500,000, akwai 900,000 da ni da kaina na turo daga ɗaya asusuna, akwai kuma 200,000 da na tura wa dillali bai tafi ba aka dawo mini da shi. Don Allah duk wanda irin wannan ya taɓa samu ya faɗa mana yadda ya yi.

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Yaya, kafin komai juya takardar ka nemi inda aka rubuta wa'adin ƙorafi. Nawa kwana 30 ne, kuma nan na faɗi. Sau biyu ina zuwa ofishin ina bayani da baki, jami'in ya saurare ni da kyau ya ce za a duba. Ashe kwanaki na ta tafiya, fayil ɗina kuwa babu ko layi ɗaya da ke nuna na yi ƙorafi. Sai da na rubuta roƙon a karɓi ƙorafina a makare, na kawo dalili, na sha wahala kafin a saurare ni. Ka rubuta, ka yi kwafi biyu, su buga maka hatimi da kwanan wata a naka ka dawo da shi gida.

Direban Dare:
Malam abin ba wuya. Ka cire rancen, ka cire duk kuɗin kayan da ka saro, ka cire abin da kake biyan banki duk wata, ka cire hayar gida da kuɗin makarantar yara. Abin da ya rage shi ne naka, shi za ka rubuta musu.

Tsohon Akanta:
Direba ka yi daidai a kan rancen, amma sauran za su jawo masa matsala. Hayar gidan da yake kwana da makarantar yara ba kuɗin gudanar da sana'a ba ne, ba sa shiga lissafin riba. Biyan bashi kuma, uwar kuɗin ba a cire ta. Tunda ba a ƙirga rancen a matsayin samu ba ranar da ya shigo, ba za a ƙirga shi a matsayin kashewa ba ranar da aka mayar. Kuɗin ruwan da ke kai ne kaɗai ake iya cirewa, shi ma idan cikin sana'ar aka zuba rancen. Jami'in da ya ga ka cusa hayar gida zai fara zargin sauran alƙalumanka, har waɗanda gaskiya ne.

Mai Kayan Gini, ɗana, ba ni waɗannan: kayan da ke shago farkon shekara da ƙarshenta, abin da ka saro, abin da ka kashe wa shagon, da cinikin hannu da bai shiga banki ba.

Mai Kayan Gini:
Baba na gode. Farkon shekara kayan 800,000 ne a shago, ƙarshenta na 1,000,000. Na saro na 5,200,000, rasit suna nan. Hayar shago 360,000, albashin yaron shago 480,000, dako da wuta da kuɗin ruwan rancen 160,000. Cinikin hannu da ban kai banki ba ya kai 400,000 a littafina. Amma Baba, shi wannan dole ne in faɗa? Ai ba su san da shi ba.

Tsohon Akanta:
Dole ne. Ka zo ne kana cewa lissafinsu ba daidai ba, to naka ya zama wanda zai tsaya ko an juya shi ta kowane ɓangare. Idan suka nemi littafin ciniki suka ga abin da ka ɓoye, ƙorafin ya mutu kuma ka jawo wa kanka tara.

Ga yadda yake. Daga 9,600,000 ka fitar da abubuwa ukun da ba ciniki ba ne, jimillarsu 2,600,000. Saura 7,000,000. Ƙara cinikin hannu, cinikinka na shekara ya zama 7,400,000.

Sai kuɗin kaya, inda mutane suka fi kuskure. Ba duk abin da ka saro za ka cire ba, sai wanda ya fita daga shago. Haɗa 800,000 na farkon shekara da 5,200,000, ya zama 6,000,000, ka cire 1,000,000 da har yanzu yana jibge a shago. Kayan da ka sayar sun ci maka 5,000,000. Cire shi daga ciniki, saura 2,400,000. Cire hidimar shago 1,000,000 cif. Ribarka 1,400,000 ce.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. A sama sa sunanka, lambar harajinka, lambar takardar ƙiyasin, kwanan watanta da shekarar da ta shafa. Sannan ka ce kamar haka: "Ina ƙorafi a kan wannan ƙiyasi domin an ɗauki jimillar kuɗin da ya shiga asusuna, 9,600,000, a matsayin abin da na samu. Daga ciki 2,600,000 ba ciniki ba ne, kuma ba a cire kuɗin kaya da na gudanar da shago ba. Ribata ta gaskiya 1,400,000 ce, kamar yadda lissafin da ke haɗe ya nuna. Ina roƙo a gyara ƙiyasin, a kuma sanar da ni matsayarku a rubuce." Lissafin ya zauna a shafi na biyu, kowane layi da lambar takardar da ke tabbatar da shi: yarjejeniyar rance lamba 1, bayanan ɗaya asusun lamba 2, haka har ƙarshe. Kwafi za ka ba su, na asali su zauna a hannunka.

Malama Mai Alli:
Ni ma an yi mini haka. Ana cire mini haraji daga albashi duk wata, amma takarda ta zo kamar ban biya komai ba. Sai da na kai shaidar cirewa daga wurin aikina.

Maman Biyu:
Malama naki daban ne, ke adadin albashinki daidai suka rubuta, abin da kika riga kika biya ne ba su sa ba. Shi kuwa samun ne aka kumbura. Yaya, a kan 900,000 ɗin nan kada ka kai bayanan asusu ɗaya kawai. Ni da na kai guda ɗaya aka ce mene ne shaidar ba abokin ciniki ne ya turo ba. Ka kai na duka biyun, ka ja layi a inda kuɗin ya fita can da inda ya shigo nan, rana ɗaya adadi ɗaya.

Mai Kayan Gini:
Allah ya saka da alheri. Albashin yaron shago fa? A hannu nake ba shi, babu takarda. Kuma in biya harajin 1,400,000 ɗin yanzu, ko in jira amsarsu?

Direban Dare:
Kada ka biya ko sisi. Ni na biya wani ɓangare, aka ce ai na amince ke nan, muka yi ta ja.

Tsohon Akanta:
Ni da ni ne zan biya harajin abin da na amince da shi, in rubuta a wasiƙar cewa biyan nan na ɓangaren da babu jayayya a kai ne, ƙorafina yana nan daram. Hakan yana rage kuɗin jinkirin da ke hawa. Amma ƙa'idar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa: wani wuri ƙorafi yana dakatar da karɓa, wani wuri ba ya dakatarwa. Karanta bayan takardar, ka kuma tambaye su ranar da ka kai wasiƙar. Albashin kuwa shi ne layinka mafi rauni. In kana rubutawa a littafi duk wata ka haɗa shafukan, yaron ya sa hannu cewa ya karɓa, da kwanan watan ranar da ya sa hannun, ba na baya ba. Suna iya karɓa, suna iya ƙi. In sun ƙi, ribar ta koma 1,880,000.

Mai Kayan Gini:
Ina rubutawa a littafi, sai dai wata uku babu. Gobe zan je banki in ciro bayanan ɗaya asusun, jibi in kai wasiƙar in Allah ya yarda. Kwana 19 suka rage mini.