Wane suna za mu raɗa wa eritiropoyetin da Hausa?

Mai Fassara: Jama'a, ina shirya bayani kan ƙarancin jini da za a karanta a rediyo nan Jos, wannan kalma ta tsaya mini a wuya. Na sa "sinadarin ƙarin jini". Ya yi?

Nas Mai Wankin Ƙoda: Malam, bai yi ba. Mai sauraro zai ɗauka maganin ƙarin jinin kemis kake nufi. Shi wannan saƙo ne daga ƙoda. Jajayen ƙwayoyin jini a ɓargo ake yin su, ga babban mutum galibi a ƙashin ƙugu, ƙirji, haƙarƙari da gadon baya, wajen miliyan 2 a kowace daƙiƙa, don kowace ƙwaya kwana 120 take yi ta mutu. Ƙoda ce ke lura da yawan oksijin da jini ke kawo mata. Da ya ragu sai ta saki sinadarin, ɓargo ya ƙara himma. Da ya wadata sai ta sassauta.

Ɗan Bukuru: To ai sai a ce "mahaifin jini", tunda shi ke ƙirƙirar ƙwayoyin.

Dakta: Ka kusa, amma ba shi ke haifar su ba. Ɓargo na da 'ya'yan ƙwayoyi masu tasowa, da yawansu kan mutu tun ba su nuna ba. Sinadarin hana su mutuwa yake yi, su hayayyafa, su cika da himogulobin mai ɗaukar oksijin, su yar da cibiyar da ke tsakiyarsu, su faɗa jini, duk cikin kamar mako guda. Shi ya sa wanda ya zubar da jini a haɗari, yau ƙodarsa za ta aika saƙo, amma sai bayan kwana 3 zuwa 5 za mu ga sababbin ƙwayoyi sun ƙaru a gwaji. A mai lafiya sababbin wajen kashi 1 cikin 100 ne na jajayen ƙwayoyinsa. In jini ya yi ƙasa su kuma ba su motsa ba, ko dai saƙon bai zo ba, ko ɓargo ba shi da kayan aiki. Ni "mazugin ɓargo" zan ce. Mai zuga ba ya ƙira, wuta yake hurawa, kuma in babu ƙarfe a maƙera zugarsa banza ce. Mara ayon a jiki, wato sinadarin ƙarfe, ko an yi masa allurar eritiropoyetin ba ta ci.

Maman Ummi: Dakta, 'yata mai sikila fa? A ina ake samun allurar?

Dakta: Hajiya, nata daban ne. Ɓargonta a zuge yake, ƙwayoyin ne ke fashewa cikin kwana 10 zuwa 20. Kada ki saya sai da izinin likitanta.

Nas Mai Wankin Ƙoda: Mazugi ya yi daɗi, sai dai ya ɓoye ƙoda. Majinyatanmu kullum tambayarsu me ya haɗa ciwon ƙoda da ƙarancin jini. "Ɗan aiken ƙoda" ya ba su amsa tun a sunan.

Dakta: Sista, ƙoda na da wani ɗan aiken ai, renin, mai alaƙa da hawan jini. Hanta ma na yin eritiropoyetin kaɗan.

Mai Fassara: A shirin zan ce mazugin ɓargo da ƙoda ke aikowa. Sista, ki gwada shi a kan majinyata mu ji ko zai zauna a bakinsu.