Sanduna ko sawu? Ina neman suna kafin Asabar

Rabi: Salamu alaikum. Ran Asabar zan horar da matan ƙungiyarmu nan Tawa, masu rubuta farashin hatsi. Zane biyu gare ni. Na farko farashin tiya a Tawa, Ƙwanni, Madawa da Abalak cikin mako guda. Na biyu farashin Tawa kaɗai, wata bayan wata. A Excel ɗina sunansu Histogramme da Courbes. Mi zan ce musu da Hausa?

Mushe Abdu: Zanen sanduna da zanen layi. Ni dai da layi zan yi su duka, ya fi kyan gani.

Isuhu: A'a Mushe. Layi cewa yake abu guda ne ya tashi daga nan ya je can. Daga Oktoba zuwa Yuli gaskiya ne, hatsin da ya faɗi da kaka shi ke hawa har damina. Amma mi ke tsakanin Ƙwanni da Abalak? In ka sake jerin garuruwan, layin zai sake kama, alhali farashi bai motsa ba. William Playfair da ya fito da zanen biyu a 1786, layi ya yi wa cinikin Ingila na shekaru. Na Sikotland shekara guda ya samu, sai ya yi sanduna.

Malam Garba: Layi ai Ingilishi ne, kun kwaso daga Kano. Zanen sawu! Farashi ya wuce, ya bar sawunsa.

Mushe Abdu: Malam, kai da ke cewa lakwal da lokotoro?

Malam Garba: Waɗannan sun tsufa a bakinmu. Sai yaushe Hausar Adar za ta raɗa wa abu suna da kanta?

Zalika: Mu a rediyo jadawali muke cewa.

Isuhu: Jadawali lambobi ne cikin gida-gida, ƙanwata. Hajiya Rabi, ki duba gindin sandunanki. A ce tiya jika guda ce a Abalak, dala 160 a Ƙwanni, wato 200 da 160. In ma'aunin ya fara daga 120, sandar Abalak za ta ninka ta Ƙwanni, matan su ɗauka tsadar ninki ce. Sanda da tsawonta ake karanta ta, dole ta tashi daga sifili. Layi hawa da gangara ake kallo, shi an yi masa sassauci.

Rabi: Wallahi nawa ba daga sifili ya fara ba, na gyara. To watan da ba mu je kasuwa ba fa?

Isuhu: Bar gurbinsa fili. In kin cire shi, hawan wata biyu zai fito kamar na wata guda.

Rabi: Na gode, Yaya. Sanduna ta zauna. Na biyun zan rubuta zanen layi, da baki in ce musu sawun farashi.

Malam Garba: Da baki kawai? To. Ki faɗa mana wanda suka riƙe.