Takalma ƙafa 120 sun yi min kwantai, ya zan karya farashi ban ɓata kwastomomi ba?

Maman Ilham: Salamu alaikum. Na saro takalman mata ƙafa 200, mu ƙaddara kowace ƙafa a kan 60, ina sayarwa 100. Wata biyar ke nan, 80 suka fita, 120 na nan a kan kanta. Yawancinsu lamba 36, 37 da 41 ne, lambobin tsakiya sun ƙare sai ɗaiɗaiku. Ina son kuɗin su fito in saro sabon kaya, amma ina tsoron rangwame, don wanda na yi a baya har yanzu wasu in sun shigo sai su ce yaushe za a sake. In rage nawa, kuma ta wace hanya?

Abban Khalid: Wa alaikumus salam. Hajiya ki rage kashi 20 cikin ɗari a kan duk kayan shagon na mako guda. Jama'a za su cika, a cikin hayaniyar nan kwantan ma su bi.

Malam Sabo: Abban Khalid, ai abin da take gudu ke nan ka ba ta. In ta rage wa shago gaba ɗaya, kayan da ke tafiya da ƙafarsu su za a fara kwashewa, ta yi asarar ribar da dama tata ce, lamba 36 kuma tana nan inda take. A duba lissafin ma. Ribarta 40 ce a kowace ƙafa. Ragin kashi 20 ya mayar da farashi 80, riba ta koma 20, sai ta sayar da ninki biyu kafin ta samu abin da take samu da. In ta rage 30, riba 10 ce, ninki huɗu ke nan. In ta rage 40 kuwa uwar kuɗi kawai take karɓa.

Hajiya, abin da ke koya wa mutane jira shi ne su iya hasashe. In sun gane duk ƙarshen wata, ko duk bayan wata uku, kina ragi, kuma kayan da suke so za su tarar da shi, to wa zai saya yau? Don haka ki raba 120 ɗin nan kashi biyu. Samfurin da har yanzu yana da cikakkun lambobi kar ki taɓa farashinsa, ki dai sauya masa wuri, ki dawo da shi gaba inda ido ke fara sauka, ki ba shi mako biyu. Wanda lambobinsa suka yanke shi za ki ware a tebur guda, nesa da sabon kaya, ki rubuta dalili a fili: ragowar lambobi, in sun ƙare ba za a sake kawowa ba. Mai lamba 39 in ta duba teburin ba ta samu nata ba, ta koyi cewa wanda ya jira yana rasa lambarsa. Darasin da kike so ta ɗauka ke nan.

Hajiya Turai: Maganar Malam Sabo haka take, sai dai bai faɗi nawa ba. Ni a ganina sara ɗaya za ki yi mai zurfi, ki sa 65, kwana goma, ki rufe. Kar ki yi ta saukowa 90, 80, 70. Mai saye in ta ga farashi ya sauka sau biyu ta san na uku na tafe.

Malam Sabo: 65 ya yi ƙasa a tashin farko, Hajiya. 75 zai motsa su.

Hajiya Turai: Ba zai motsa lamba 41 ba, Malam. Kayan da ya ƙi 100 wata biyar, kuma masu ƙafar ba su da yawa, sai ragin da zai sa mace ta saya wa 'yar'uwarta. Kuma takalmin fatar roba ba ya jira, in ya daɗe a ajiye gam yana bushewa, fatar ta fara ɓarewa. Ta ɗauko ƙafa biyar ta lanƙwasa su ta gani. In tafin ya fara buɗe baki, ko 65 ɗin ta gode Allah.

Baffa Mai Yadi: Ku bar batun 65 da 75. Ni rangwame ne ya rufe min shago. Shekara biyu ina yi duk ƙarshen wata, ina sanarwa mako guda kafin ranar. Da farko ciniki ya yi kyau. Daga baya mako ukun farko sai in wuni ban yi cinikin kirki ba, kowa ya zo ya duba ya ce zai dawo, wasu har su ce in ɓoye musu. Da na daina, suka ce na tsawwala, alhali farashin da ne. Mutanen da na yi wa ragi su suka fara komawa wajen maƙwabcina. Hajiya kar ki fara, ki bar kayanki, ranar da mai rabo ya zo zai saya.

Ummu Sadik: Allah ya mayar da alheri, Baffa. Amma sanarwar mako guda ɗin nan ita ta cuce ka, kai da kanka kake ce musu kar su saya yanzu. In za a yi, ranar da aka fara ranar ake faɗa. Barin kayan kuma ba kyauta ba ne, 120 sau 60 jarin 7,200 ne a kwance.

Baffa Mai Yadi: Ke kin taɓa biyan hayar shago kuwa? Mai sayarwa a waya daga ɗaki ba ta san abin da muke faɗa ba.

Ummu Sadik: Lissafi ɗaya ne, Baffa, ko a shago ko a ɗaki. Maman Ilham, jarinki duka 12,000 ne, kin riga kin karɓi 8,000. Saura 4,000 uwar kuɗi ta dawo, wato ko a 34 kika sayar da kowace ƙafa ba ki faɗi a kan sarin ba. Ki sa ragowar lambobin a 65 kamar yadda Hajiya Turai ta ce. Abin da ya rage bayan kwana goman, kar ki sake ragewa a gaban kwastomominki, ki haɗa shi dunƙule ki ba ɗan kasuwar da ke sayarwa nesa da ke, ko a 40 ne, ki cire tambarin shagonki daga kwalayen.

Malam Sabo: Lissafin 34 ɗin nan a yi hattara da shi, babu haya, babu kuɗin mota, babu ladan yarinyar shago a ciki.

Ɗan Auta: Anti a ajiye min lamba 41, zan jira ya kai 34 ɗin.

Maman Ilham: Ɗan Auta, irinku nake gudu ai. To wadda ta saya 100 makon jiya ta dawo ta ga 65 fa? Me zan ce mata?

Hajiya Turai: Ki duba littafinki. Waɗanda suka saya cikin kwana bakwai na ƙarshe ba za su yi yawa ba, ki kira su tun kafin su gani, ki ce akwai ragowar lambobi, ki ba su zaɓin farko. Kar ki mayar da kuɗi, in ta matsa ki rage mata a sayayya ta gaba. Amma ni tambayata, me ya sa kika ɗauko 36 da 41 da yawa haka tun farko?

Maman Ilham: Haka katan ɗin yake zuwa, dila ba ya yarda a zaɓi lamba.

Abban Khalid: Nan ne ciwon yake wallahi. Su cusa maka lambobin da suka san ba sa tafiya, in ka ce a canja su ce ba a mayar da kaya.

Hajiya Turai: Wasu na yarda da musaya in ka roƙa tun ranar sari, kafin ka biya, kuma kwalin bai lalace ba. Bayan wata biyar kam babu mai sauraronka.

Baffa Mai Yadi: Wane dila ne wannan? Ni ban taɓa ganin wanda ya karɓi ko ƙyalle ba.