Kol da juwan nawa ɗaki zai ci: abin da aka tsayar

Kol shi ne abin da ake manna karo da shi, juwan kuwa abin da ake cike tsagar tsakanin karo da shi. Ga abin da na tattaro daga maganganun masu sa karo na Yamai, a kan ɗaki mai mita 4 da 5, wato murabba'in mita 20.

1. Kowa ya yarda girman karo ne ke yanke yawan kol. Karo mai santimita 60×60 sai an shafa wa ƙasa da bayansa, yana cin kusan kilo 7 a murabba'in mita: kilo 140, buhu 6 masu kilo 25. Wanda ya rage kol ɗin, in ka ƙwanƙwasa karon za ka ji rami a ƙarƙashi, can yake fashewa. Daɓe mai tudu da kwari kuwa ya fi ci. A daidaita shi da siminti tukuna, kol na da tsada.

2. Juwan: tsawo, faɗi da kauri na karon ne, duka a milimita, amsa a kilo kowane murabba'in mita:

```
(tsawo+faɗi) ÷ (tsawo×faɗi) × kauri × tsaga × 1.6
```

Karo 60×60, wato tsawo 600, faɗi 600, kauri 10, tsaga 3: kilo 0.16, ɗakin duka 3.2. Karo 30×30 mai kauri ɗaya ya ninka haka.

3. An rabu kan tsaga. Wasu na son 2 don kyau, wasu 4 zuwa 5 a barandar da rana ke duka, saboda karo na buɗewa da zafi. Ni ina bayan na biyun.

A ƙara kashi 10 cikin ɗari na ɓarna.