Pil ɗin tutiya da tagulla: wa ya taɓa lissafa K daga abin da ya auna?

Rabi: Assalamu alaikum. Jiya a labo mun haɗa tutiya cikin ZnSO₄ da tagulla cikin CuSO₄, duka 1 mol/L, da gadar gishiri a tsakani. Littafi ya ce 1,10 V, mu 1,07 V muka samu. Na tsarma ruwan tagullar sau ɗari don in ga awon ya zube, sai ya sauka zuwa 1,01 V kawai. Abin ya ɗaure mini kai. Wa ya taɓa ganin haka?

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam, Rabi. Duk shekara ɗalibaina sai sun yi wannan mamaki. Fara da ΔG° = −nFE°. Tutiya tana sakin elektoron biyu, don haka n = 2, F kuwa 96485. Ninka su da 1,10, za ki samu kusan −212 kJ/mol. Tunda ΔG° = −RT ln K, a 25 °C lissafin yana komawa log K = nE°/0,0592, wato kusan 37. K ɗin ya kai 10³⁷. Ma'anarsa, awon ba zai sauka sifiri ba sai tutiyar da ke cikin ruwa ta ninka tagullar har sau 10³⁷. Ke sau ɗari kaɗai kika tsarma. Kowane ninki goma yana rage kusan 0,03 V, biyu sun ba ki 0,06 ɗin da kika gani. Awonki daidai yake, ƴata.

Sani: Ni a gwajin bak na ci karo da na azurfa da tagulla. Da na ga 2Ag⁺, sai na ninka 0,80 na azurfa ya zama 1,60, na cire 0,34 na tagulla. Maki ya tafi. E° ba ya ninkuwa, 0,46 V ne. Biyun yana shiga cikin n, ΔG° ya fito kusan −89 kJ/mol.

Laminu: To batirin moto na da ya mutu, E° ɗinsa ya koma sifiri ke nan, K = 1?

Malam Isuhu: A'a, Laminu. E° da K ba sa motsi in zafi bai canza ba. E, wato awon da ake gani, shi ke sauka yayin da Q, wato rabon abin da ya samu da abin da ya rage a lokacin, ke matsowa kusa da K. Batirin naka ma bai kai can ba, kan ya kai ya daina tada moto tuni.

Hadiza: Yaya Rabi, ina zargin zafi ne ya cinye 0,03 V ɗin farko. A Maradi watan Afrilu labo yana kai 40 °C, 0,0592 ya koma 0,0621.

Malam Isuhu: Lambar taki gaskiya ce, Hadiza, amma da ruwan biyu daidai log Q sifiri ne, babu abin da za ta ninka. Na fi zargin tsatsar da ke kan tutiyar, ko gadar gishirin.

Rabi: Malam, mun goge ta da yashi kafin mu tsoma. Gadar ce auduga jiƙe da ruwan gishirin miya. Ran Laraba zan sake da KNO₃ in kawo muku awon.