Ƙasan biskit ya ƙone, samansa fari fat

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Oben ɗina na gas ne. Ina saita shi a 180, amma kafin minti 12 ƙasan biskit ya yi baƙi har da ɗaci, saman kuwa bai ko fara ja ba. Ga odar suna a gabana. Akwai wadda ta taɓa fama da wannan?

Ummi: Sukari ne ya yi miki yawa, Anti. Ni da na rage nawa sai ya yi sauƙi.

Hajiya Babba: Sukari na sa biskit saurin yin ja, gaskiyarki Ummi, amma da shi kaɗai ne da saman ma ya yi. Maman Ilham, wane irin tire gare ki, kuma a wane hawa kike ɗora shi?

Maman Ilham: Baƙin nan da ya zo da oben ɗin, Hajiya. A hawan ƙasa, don ya fi saurin gasuwa.

Hajiya Babba: To abu biyu kika haɗa wa kanki. Wutar oben na gas daga ƙasa take tasowa, ke kuma kin kai tiren bakinta. Sannan baƙin ƙarfe ya fi fari zuƙar zafi, sai gindin biskit ya soye kafin zafi ya ratsa samansa. Ki mayar da tiren zuwa hawa na tsakiya, ki nemi farin tiren alminiyam mai ɗan kauri. In baƙin ne kawai a hannunki, ki rage zuwa 165, ki shimfiɗa takardar gashi maimakon shafa bota, don bota a kan tire suya take yi. Wajen minti 8 ki ɗaga guda ɗaya da wuƙa ki leƙa ƙasansa. Da gefe ya yi ja ki sauke, ko da tsakiya da ɗan laushi, zai ƙarasa tauri in ya huce.

Baban Sadik: Ni tire biyu nake haɗawa, ɗaya cikin ɗaya, na ƙasan ya tare zafin. Kuma ku lura da zubi na biyu: in aka jera a tiren da bai huce ba, botar narkewa take tun kafin ya shiga, ya baje, gefe ya ƙone.

Zee: Ni fa a tukunya nake nawa, da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Bai taɓa ƙone min ba.

Ummi: Ai maganar oben ake yi, Zee.

Maman Ilham: Hajiya na gwada tsakiya da 165. Ƙasan ya gyaru, sai dai layin baya ya fi duhu, saman kuma har yanzu da sauran fari.

Hajiya Babba: Na bayan, ki riƙa juya tiren gaba ya koma baya in an yi rabin lokaci. Saman kuma ki ɗaga shi hawan sama a minti biyun ƙarshe.

Baban Sadik: A nawa oben ɗin hawan sama busar da shi yake, Hajiya. Ta fara gwadawa da guda huɗu tukuna.