Jerin hotuna na Instagram kan ajiye ₦500 kullum: yaya zan raba shafukan?

Maman Hanif, Agege: Salamu alaikum jama'a. Ina sayar da turaren wuta a Instagram, yawancin masu bina mata ne masu ƙananan sana'o'i. Ina so in yi musu jerin hotunan nan da ake ja gefe, kan ɗabi'ar cire ₦500 daga cinikin kullum a ajiye. Na haɗa guda biyar a Canva, rubutu ya cika ko'ina, ni kaina na kasa karantawa. Don Allah shafi nawa ya kamata, kuma me zan sa a kowanne?

Malam Nasiru, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya. Ajiye Canva tukuna ki ɗauko biro. Rubuta abin da mace za ta yi da hannunta tun daga rufe ciniki har kuɗin su kwanta a ma'ajiya, aiki ɗaya a kowane layi. Duk layin da kika ga kin sa “sannan” a tsakiyarsa, aiki biyu ne, raba shi. A lissafina za ki samu mataki biyar, da shafin buɗewa da na rufewa shafi bakwai ke nan.

Na farko alkawari ne kawai, babu bayani: “₦500 kullum, ₦13,000 a wata.” Kwana 26 na ɗauka, don ba kowa ke fita ranar Lahadi ba. Kada ki rubuta ₦15,000, domin wadda ta gwada ta ga bai kai ba za ta ce kin yi mata zuƙi. Na biyu shi ne matakin farko: “Ki cire ₦500 kafin ki sayi komai na gida.” Na uku wurin ajiya: asusu ko gwangwani mai ƙaramin baki, ba jakar canji ba. Na huɗu, a ja layi a kalanda duk ranar da aka saka. Na biyar, ranar Asabar a tattara ₦3,000 a kai asusun bankin da katinsa ba ya yawo a jaka. Na shida shi ne wanda kowa ke mantawa, ranar da kasuwa ta ƙi: a saka ₦100, kada gobe a ce sai an rama dubu, ramuwar nan ce ke kashe ɗabi'ar. Na bakwai ki jera matakan biyar a taƙaice, ki roƙi abu ɗaya tak, su danna Save.

Ki kula da shafi na biyu sosai. Wanda ya ga na farko ya wuce bai ja ba, Instagram kan sake nuna masa jerin daga baya, sau da yawa daga hoto na biyu. Idan kin fara shi da “kamar yadda na faɗa”, mutumin bai san me kika faɗa ba. Ki sa ɗan take a samansa, “Ajiyar ₦500, mataki na 1”, ya iya tsayawa shi kaɗai.

Abba Mile 12: Anti, yanzu fa har hoto 20 Instagram ke ɗauka, ba 10 ba kamar da. Ki cika su duka, iya daɗewar mutum yana ja iya yadda za su tura ki gaba.

Hajiya Rabi, Obalende: Abba, gaskiyarka kan 20 ɗin, amma mataki biyar ba ya zama ashirin sai an yi masa ƙarin ruwa. Mai kallo tana cikin danfo a cunkoson Oshodi, hannu ɗaya riƙe da jaka, data kuma na tafiya. Da ta ja sau biyu ba ta ga sabon abu ba, ta wuce.

Maman Hanif, ni kan cikar rubutun zan yi magana. Ki buɗe zanen a 1080 x 1350, dukkan shafukan girma ɗaya, domin tsarin hoton farko shi sauran ke bi, wanda ya saɓa sai a yanke shi ko a bar masa fili. Kowane shafi abu uku ne: lambar mataki babba a kusurwa ɗaya da ba ta canzawa, umarni da bai wuce kalma takwas ba, sai layi ɗaya ko biyu na dalili a ƙasa. Misali shafi na biyar: “Asabar: kai ₦3,000 banki.” A ƙasansa: “A ce mai POS na karɓar ₦100 duk sakawa. Kullum ₦600 ne a mako, sau ɗaya ₦100 ne.” Shi ke nan. Sauran bayani ya koma rubutun ƙasan hoto, amma jimlar da ta fi muhimmanci ta zo farko, don bayan layi ɗaya ko biyu ake naɗe sauran.

Ki bar fili kamar faɗin yatsa a kowane gefe. A saman dama ne ƙidayar 1/7 ke fitowa, kuma a dandalin shafinki ana ɗan rage gefen hoton farko, saboda haka taken ya zauna a tsakiya.

Sai matsalar da ta shafe mu Hausawa. Haruffa da yawa masu kwalliya a Canva ba su da ƙ, ɗ da ɓ, wasu ma ba su da ₦. Za ki gane idan harafin ya fito da siffa daban da 'yan'uwansa, ko ya zama ɗan akwati. Kafin ki zaɓa, rubuta “kuɗi ƙaruwa ɓarna ₦500” ki duba. Noto Sans na ɗauke da su duka. In kin gama, tura wa wayarki ki karanta a tsakar rana ba tare da kin buɗa hoton da yatsu ba. Ruwan zinare a kan fari yana kyau a ɗaki, a rana ɓacewa yake.

Baba Audu: Ni dai ban yarda da ajiyar kullum ba. Wani mai karɓar ajo, wato adashi, a layinmu ya tara kuɗinmu wata huɗu, aka wayi gari ya bar gari. 'Yata ki yi hattara da wanda za ki ba.

Maman Hanif: Allah ya mayar da alheri Baba. Wannan ba wanda za a ba, kowa a hannunta. Malam Nasiru, Yarbawa da yawa na bina, in sa Turanci ƙarƙashin Hausar?

Malam Nasiru: A'a Hajiya, kin koma gidan jiya, rubutu ya ninka. Yi jeri biyu, ki saki na Turancin bayan kwana uku. In shafinki na sana'a ne, shiga View insights ki kwatanta yawan masu adanawa da masu turawa wasu, ki manta da masu danna so. Maganar Baba ma ta nuna wani abu: ki rubuta “ba adashi ba ne” a shafi na uku, tunda ga shi an fara ɗauka haka.

Hajiya Rabi: A nan mun saɓa Malam. Jeri biyu aiki biyu ne ga mai sana'a ita kaɗai. Lambobin kowa na gane su, ta bar hotunan da Hausa, fassarar ta zauna a rubutun ƙasa.

Abba Mile 12: Ai ba mai buɗe rubutun ƙasa, Hajiya.

Maman Hanif: To bari in fara da na Hausar. Na gwada kalmomin nan yanzu, ɗ ɗina akwati ne. Na koma gyara.